Gida 200 daga cikin 2,000: yadda aka zaɓi gidajen binciken kuɗin ruwa a gefen Sakkwato

Wata ƙungiya mai aikin ruwan sha tana son sanin nawa magidanci yake kashewa wajen ruwa a mako ɗaya lokacin bazara, a wata mazaɓa da ke gefen birnin Sakkwato, irin wuraren nan da gari ya ci gona, inda za ka bar tsohuwar unguwa ka faɗa sabbin filaye, ka ƙara gaba kaɗan ka tarar da ƙauyen bakin fadama. Kuɗin da ke hannu na gida 200 ne kawai. Lamarin na misali ne, na gina shi a kan irin abin da ake tararwa a wajen aiki, alƙaluman kuma na zagaye su don lissafi ya zo da sauƙi. Amfanin misali shi ne amsar gaskiya tana hannunmu tun farko, don haka za mu iya ganin nisan da kowace hanya take kaucewa daga gare ta, abin da mai bincike na gaske ba ya samun gani.

Kafin a yi maganar zaɓe, sai da aka yi jerin gidaje. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi rainawa. An gaida uban ƙasa, an bi masu unguwanni, aka shiga lungu-lungu ana rubutawa. Tun ranar farko kalmar gida ta kawo matsala. Zaure ɗaya kan iya ɗauke da tsoho da 'ya'yansa uku, kowa da iyalinsa. In aka ƙirga zaure, an mai da magidanta huɗu mutum ɗaya. Sai aka tsaya a kan tukunya: waɗanda suke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya. Da wannan ma'auni aka sami gida 2,000, kowanne da lambarsa daga 1 zuwa 2,000, an kuma rubuta ɓangaren da yake a gefen lambar.

Ɓangarorin uku ne. Tsohuwar unguwa, inda famfo yake zuwa wani lokaci, akwai kuma rijiyoyin burtsatse kusa, tana da gida 1,200. Sabuwar unguwa, inda bututu bai kai ba, kusan kowa yana jiran 'yan garuwa su turo kura, tana da 600. Ƙauyukan bakin fadama, masu jan ruwa a rijiya, gida 200 ne.

Ga amsar da muka ɓoye a aljihu. Magidancin tsohuwar unguwa yana kashe naira 1,000 a mako, in an yi matsakaici. Na sabuwar unguwa 4,000. Na ƙauye 300. In aka haɗa mazaɓar duka, kowane ɓangare gwargwadon yawansa, matsakaicin ya zama naira 1,830. Wannan adadin ake nema.

Shawarar farko da aka kawo ita ce ƙuri'a tsantsa. Ma'anarta a zuba lambobin 2,000 wuri ɗaya a zaro 200, ta yadda kowane gida yana da dama ɗaya cikin goma, kuma babu wani haɗin gida 200 da ya fi wani damar fitowa. Ba a buƙatar ƙwarya da takardu. A kwamfuta, ana buɗe jerin a Excel, a sa wannan a gefen kowane gida:

```
=RAND()
```

Sai a kwafe lambobin da suka fito a manna su a matsayin adadi tsayayye, don in ba haka ba suna canzawa duk lokacin da aka taɓa shafin. Daga nan a jera su daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki 200 na sama. Shi ke nan. A nan ya kamata in ja kunne: tsayawa bakin masallaci kana tambayar duk wanda ya fito, ko barin mai unguwa ya nuna maka gidajen da za su ba ka haɗin kai, ba ƙuri'a ba ne, ko da kuwa ba ka san mutanen ba.

Hanyar nan ba ta da son kai. In da za a maimaita ta sau dubu, matsakaicin amsoshin zai zauna a kan 1,830. Amma ƙungiya sau ɗaya za ta yi. A cikin 200, ana sa ran gida 60 su fito daga sabuwar unguwa, sai dai ƙuri'a ba ta yi alkawarin 60 ba. A mafi yawan lokuta za ta ba da wani abu tsakanin 48 da 72. Kuma duk gida ɗaya na sabuwar unguwa da na tsohuwa ya maye gurbinsa, matsakaici yana sauka da naira 15, wato bambancin 3,000 da ke tsakaninsu a raba wa 200.

Da aka yi gwaji a kwamfuta, ƙuri'ar farko ta ba da 134 daga tsohuwar unguwa, 50 daga sabuwa, 16 daga ƙauye. Ko da kowane ɓangare ya ba da matsakaicinsa daidai, amsar za ta fito 1,694. Aka sake, ta ba da 112 da 70 da 18, amsa 1,987. Kusan naira 300 tsakanin ƙuri'a biyu, alhali ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi kuskuren rubutu. Sa'a ce kawai ta yanke yawan masu sayen ruwan kura da suka shigo.

Shugabar ƙungiyar ta dubi takardun biyu ta ce, "To Malam, wanne za mu kai wa masu ba da kuɗi? Ai wanga kamar caca ne."

Mai tsara binciken ya ce, "Hajiya, abin da ke rawa shi ne yawan kowane ɓangare, kuma shi ne abin da muka riga muka sani. Mun ƙirga da ƙafarmu. Ba dalilin barin ƙuri'a ta yi mana hasashen abin da ke rubuce a littafinmu."

Wannan ita ce hikimar hanya ta biyu, wato a kasa jama'a rukuni-rukuni tukuna, sannan a yi ƙuri'a dabam a cikin kowane rukuni. Ba a bar ƙuri'a ba, an dai yi ta sau uku maimakon sau ɗaya. In an bi yawan kowane ɓangare, sai a zaro 120 daga cikin 1,200, a zaro 60 daga cikin 600, a zaro 20 daga cikin 200. Har yanzu kowane gida yana da dama ɗaya cikin goma, amma yanzu ba yadda za a yi sabuwar unguwa ta fito 50 ko 70.

Nawa wannan ya saya mana? Sai mun duba iri biyu na bambanci. Akwai bambanci tsakanin ɓangarori, wato 1,000 da 4,000 da 300. Akwai kuma bambanci a cikin ɓangare ɗaya, don ba duka gidajen sabuwar unguwa ke kashe 4,000 cif ba: mai mata biyu da yara goma sha ba zai sayi jarka daidai da ango ba. Masu lissafi suna auna wannan da ma'aunin warwatsuwa, wanda a taƙaice yake nuna nisan da gida yakan yi daga matsakaicin rukuninsa. A misalinmu, na tsohuwar unguwa naira 400 ne, na sabuwa 1,500, na ƙauye 200. In aka cakuɗa mazaɓar duka, warwatsuwar ta kai wajen 1,680, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na hargitsin ya fito ne daga bambancin ɓangarori.

Ƙuri'a tsantsa tana ɗauke da nauyin biyun duka. Da gida 200, tazarar kuskurenta wajen naira 220 ce sama ko ƙasa, wato a sau 95 cikin 100 amsarta ba za ta kauce wa gaskiya fiye da haka ba. Kasawa rukuni tana cire bambancin ɓangarori gaba ɗaya daga cikin kuskuren, ya rage na cikin ɓangare kawai, sai tazarar ta sauko wajen 115. Kusan rabi ke nan, da gidaje 200 ɗin nan, da kuɗin nan. Da za a nace a kan ƙuri'a tsantsa, sai an shiga gida wajen 580 kafin a sami wannan daidaito. Wanda ya taɓa yawo da takardar tambayoyi a ranar Afrilu a Sakkwato ya san abin da ƙarin gida 380 yake nufi.

Da an tsaya nan da magana ta ƙare. Sai Hajiya ta ce rahoton yana buƙatar shafi na musamman a kan ƙauyukan, don can ake tunanin haƙa rijiya. Gida 20 ba su isa a rubuta shafi a kansu ba. In uku suka tafi fadama ba a same su ba, saura 17. A ƙuri'a tsantsa ma abin ya fi muni, don ƙauyen kan iya fitowa 12 kacal.

A ɗaya gefen kuma akwai wata shawara da ta daɗe a fagen nan. A 1934 masanin lissafi Jerzy Neyman ya nuna cewa in burinka matsakaicin kowa da kowa ne, to ba yawan rukuni kaɗai za ka duba ba, har da warwatsuwarsa: rukunin da mutanensa suka fi bambanta da juna shi ya fi buƙatar gidaje. Dalilin a fili yake. In tuwo iri ɗaya ne, loma ɗaya ta isa a san ɗanɗanonsa, amma buhun da aka gauraya hatsi sai an ɗiba sama da ƙasa da tsakiya. Ana ninka yawan kowane rukuni da warwatsuwarsa, a raba 200 gwargwadon abin da ya fito. A nan lissafin ya ba tsohuwar unguwa 68, sabuwa 126, ƙauye 6, tazarar kuskure ta sauko wajen naira 90. Lissafi ya yi kyau, amma gida 6 a ƙauye ya kashe shafin Hajiya.

Don haka aka yi sulhu: 80 a tsohuwar unguwa, 80 a sabuwa, 40 a ƙauye. Tazarar kuskuren matsakaicin mazaɓa ta tsaya wajen 105, har ta ɗan fi ta rabon 120 da 60 da 20 kyau, ƙauye kuma ya sami adadin da za a iya cewa wani abu a kansa. Ina ganin yawancin rabon da ake yi a aikin gaske haka yake, tsakanin abin da lissafi ya ce da abin da rahoto yake buƙata.

Sai dai wannan sulhu yana da bashi, kuma wajen biyansa ne mutane suka fi faɗuwa. Yanzu gidajen ba su da dama ɗaya. Gida ɗaya da aka shiga a tsohuwar unguwa yana wakiltar gida 15, wato 1,200 a raba wa 80. Na sabuwar unguwa yana wakiltar bakwai da rabi. Na ƙauye yana wakiltar 5. Waɗannan su ake kira nauyi, kuma dole su bi kowane gida har cikin lissafin ƙarshe.

A misalinmu, yaron da aka ba haɗa sakamako ya tara amsoshi 200 ya raba da 200, kamar yadda aka koya masa a makaranta. Ya sami 2,060. Ya yi sama da gaskiya da naira 230, fiye da duk tazarar da ake gudu a ƙuri'a tsantsa. Kuma wannan kuskure ba irin na sa'a ba ne da ƙarin gidaje ke ragewa. Ko an ninka kowane rukuni sau biyu, 2,060 zai sake fitowa. Yadda ake yi daidai shi ne a fitar da matsakaicin kowane rukuni dabam, a ninka shi da kasonsa na mazaɓa:

```
0.6 × 1000 + 0.3 × 4000 + 0.1 × 300 = 1830
```

Yadda ake gane an manta nauyi ba shi da wuya. A dubi teburin farko na rahoto. In ya ce kashi 40 cikin 100 na gidajen mazaɓa suna sabuwar unguwa, alhali jerinmu ya ce kashi 30 ne, ko ya ce kashi 20 suna ƙauye alhali kashi 10 ne, to gidajen da aka zaɓa ake bayyanawa, ba mazaɓar ba. Wata alamar kuma: a tara nauyin gidajen 200 duka, dole su ba da 2,000.

To yaushe ƙuri'a tsantsa ta fi? A cikin wannan binciken ma an ga wurin. Tun da za a shiga gidaje, ƙungiyar ta ƙara tambaya a kan ko akwai gidan sauro a gidan. Mu ɗauka an yi rabon gidan sauron ko'ina daidai, ta yadda kusan gida shida cikin goma suna da shi a kowane ɓangare. A wannan tambayar, kasawa ba ta cire komai, don babu bambancin ɓangarori da za ta cire. Rabon 120 da 60 da 20 zai ba da daidaito kusan ɗaya da ƙuri'a tsantsa, ba riba ba asara. Amma rabon 80 da 80 da 40 yana jawo asara: an ɗauki gidaje kaɗan daga inda mafi yawan mutane suke, ba tare da wani dalili da ya shafi sauro ba. Gidajen 200 sai su yi aikin kamar 170. Ma'ana, rabon da aka ɗinka wa tambaya ɗaya kan matse wata. Binciken da ke da tambayoyi arba'in masu daraja ɗaya ya fi zama lafiya da rabo gwargwadon yawa, ko da ƙuri'a tsantsa.

Wuri na biyu shi ne inda jerin ba ya ɗauke da komai sai suna da lamba. Ba za ka kasa mutane da abin da ba ka sani game da su ba kafin zaɓe. Da ƙungiyar ta so kasawa bisa arziki, da ta makale, don babu wanda ya rubuta samun kowane gida, kuma tambayar mai unguwa ya ware masu hali da talakawa neman rigima ne. Ɓangaren gari ya yi aiki ne saboda ana ganinsa da ido, an rubuta shi ga kowane gida, kuma yana da alaƙa ta kai tsaye da inda ruwa yake fitowa. In waɗannan ukun ba su haɗu ba, ni dai ƙuri'a tsantsa nake zaɓa. Haka in wurin ƙarami ne mai kama ɗaya, kamar rukunin gidajen ma'aikata ko ƙauye guda, ko kuma in na san wanda zai yi lissafin ƙarshe bai saba da nauyi ba kuma ba mai duba masa. Akwai ma mafita ta tsakiya: a yi ƙuri'a tsantsa, a tambayi ɓangaren kowa a wajen aiki, daga baya a gyara nauyi ya dace da yawan da aka sani. Tana dawo da yawancin ribar, amma ba ta iya ƙara gidajen ƙauye in 12 suka fito.

Akwai kuma abin da hanyoyin biyu duka ba sa magani. Da an yi amfani da tsohon jeri, a ce na shekara biyar baya, alhali sabuwar unguwa ta tashi daga 600 zuwa 900, matsakaicin gaskiya zai zama wajen 2,110, hanyoyin biyu kuma za su ci gaba da nuna wajen 1,830. Mai kasawa zai ma fi shiga haɗari, don zai fito da amsar kuskure tare da 'yar ƙaramar tazara mai sa a yarda da shi. A gefen Sakkwato, ta wajen Wamakko ko Dange Shuni, inda gini ke tashi kowace shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe da aka yi ta 2006 ce, shi ya sa mai bincike a unguwa ba shi da makawa sai ya yi sabon jeri.

Haka batun canji a wajen aiki. An je gida mai lamba 1,347 ba a sami maigida ba, sai ma'aikaci ya shiga na maƙwabci don cika adadi. Wanda ake samu a gida da rana ba irin wanda ba a samu ba ne, don haka dokar da aka kafa ita ce a koma har sau uku a lokuta dabam-dabam, ɗaya bayan la'asar, kuma a tura mata ma'aikata, tun da a gidaje da yawa matan ne suka san jarka nawa ta shigo, namiji baƙo kuma iyakarsa zaure. In an rasa gida bayan haka, a rubuta an rasa, a gyara nauyin rukuninsa: in 76 aka samu a tsohuwar unguwa, 1,200 za a raba wa 76.

Duk wannan ya yiwu ne don mazaɓa ɗaya ce da za a iya jerawa. Ga jiha mai ƙananan hukumomi 23, ba wanda ke da jerin kowane gida, kuma gidajen da ƙuri'a tsantsa za ta watsa daga Illela zuwa Kebbe za su cinye kuɗin aiki a mai. Shi ya sa manyan bincike ke haɗa kasawa da zaɓe mataki biyu. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya kasa ƙasar rukuni 74, wato jihohi 36 da Abuja, kowacce birni da karkara, ya zaɓi yankunan ƙidaya 1,400, aka yi sabon jeri a kowanne, aka ɗauki gida 30 daga ciki. Wannan tsari yana da nasa lissafin kuskure, don maƙwabta kan yi kama da juna.

A mazaɓarmu an tafi da 80 da 80 da 40. A fayil ɗin sakamako an ƙara layi biyu kusa da lambar kowane gida, ɗaya na rukuninsa, ɗaya na nauyinsa, aka kuma rubuta a shafin farko na rahoto cewa adadin gidan sauro yana da tazara mafi faɗi kaɗan fiye da yadda gida 200 za su sa a zata.